Tsofaffin Tambayoyin Jarrabawa: Ka San Abin Da Ke Cinye Maka Maki?

Ranar da aka kafe sakamakonmu na zango na biyu a ND I, sai da na bi layin lambata da yatsa har sau uku, don gani nake idona ne ya zame zuwa layin wani. A darasin lissafin kuɗi na ci 43, wato E. Ga shi ni ɗan sashen akanta ne, wannan darasin shi ne ƙashin bayan karatuna. Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya kai ni tara tsofaffin tambayoyi a ɗakinmu. Na shekara shida gare ni, na yi fotokofi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda na yi na ba kaina maki ba na sauka ƙasa da 70.

CGPA ɗina ya sauko 2.41. Kowa a makarantar nan ya san ma'anar wannan. A ma'aunin maki huɗu da muke bi, lowa kiredit daga 2.50 take farawa, kuma ita aka fi nema in mutum zai koma HND. Mahaifina ɗan fansho ne, na san yadda ake haɗa kuɗin rajistata. Yanzu ina zangon ƙarshe na ND II, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na sauya tsakanin wancan sakamakon da na bayansa. Takardun dai su ne, ban ƙaro ko ɗaya ba. Yadda nake amfani da su ne ya canja.

Makin da nake ba kaina na bogi ne

Ga yadda nake yi a da. In zauna a kan katifa, handawut a buɗe a gefe, waya a hannu. In karanta tambaya, in na maƙale in ɗan leƙa misalin malam, in ce "au, ai na sani", in ci gaba. Tambayar da a jarrabawa rabin awa aka ware mata, ni sai in ci awa ɗaya da kwata a kanta, har da tashi sayen kunun aya. In na gama in rubuta 16 cikin 20 a sama, in ji daɗi.

Wannan "ai na sani" ɗin shi ne tarkon. Ka ga amsa ka gane ta daban, ka fito da ita daga kanka a kan farar takarda daban. A ɗakin jarrabawa na biyun ake nema. Akwai wani bincike da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 a Amurka. Sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya, sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sai labari ya sha bamban: masu gwada kansu sun tuna kimanin kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kimanin kashi 40. Ni ina cikin masu maimaitawar nan, ina ɗauka gwaji nake yi.

Gwaji da agogo

Da muka shiga ND II, na yanke cewa duk takardar da zan taɓa, kamar ranar jarrabawa zan yi ta. Ina zuwa wani aji da babu kowa ranar Asabar da safe, da biro biyu, rula, kalkuleta da farar takarda. Handawut ya zauna a ɗaki. Waya ina kashe mata data in kife ta, agogonta kaɗai nake buƙata.

Takardarmu awa uku ce, tambayoyi bakwai a amsa biyar, kowace maki 20. Awa uku minti 180 ke nan. Na cire goma na farko don karanta takardar gaba ɗaya da zaɓen tambayoyi, na cire goma na ƙarshe don dubawa. Saura 160, ka raba biyar, kowace tambaya minti 32. Kai ma ka yi wa taka takardar irin wannan lissafin, don wani darasin awa biyu ne, wani kuma yana da tambayar dole mai maki fiye da sauran, ita sai ta samu lokaci daidai nauyinta.

Dokar da ta fi wuya ita ce: in minti 32 sun cika, ka ja layi, ka bar fili, ka wuce ta gaba ko da kana tsakiyar jimla. Dalilin kuwa lissafi ne. Makin farko-farko na kowace tambaya su ne masu araha, kamar zana asusu da kyau, sa kanu, shigar da adadin da aka ba ka a gurbinsa. Makin ƙarshe su ne masu tsada. In ka ƙara minti goma sha biyar kana neman maki uku na ƙarshe a tambaya ta biyu, daga tambaya ta biyar ka sato su, inda a minti goma sha biyar ɗin za ka iya kwashe takwas ko tara.

Abu biyu kuma nake yi a gefen takarda. Ina rubuta lokacin da na fara da lokacin da na bar kowace tambaya. Sannan duk inda na amsa da shakka, ina sa ƙaramar alamar tambaya da fensir. In amsar ta zo daidai daga baya, ba na lissafa ta cikin abin da na iya, don sa'a ce ta ba ni, kuma sa'a ba ta sa hannu a kan za ta dawo ranar jarrabawa ba.

In ba ka da awa uku a jere, kada ka fasa. Ɗauki tambaya ɗaya ka ba ta mintinta. Amma aƙalla sau biyu kafin jarrabawa ka zauna cikakkiyar takarda, don gajiyar hannu da ta ƙwaƙwalwa a awa ta uku sai wanda ya zauna ya san su.

Takardu uku na farko da na yi a haka na ci 52, 56, 54. Gaskiyar matsayina ke nan, ba 70 ba. Sai dai kuma ka lura, makin ya tsaya cak. Mako uku ina zama awa uku-uku, babu ci gaba. A nan ne na kai kuka wurin wani yayanmu ɗan HND II da muke masallaci ɗaya. Ya karɓi takardun ya jujjuya, ya ce, "Ƙanena, maki 46 ɗin nan da ka rasa a ta ƙarshe, ina suka tafi?" Na ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, kurakurai ne dai." Ya ce, "To kai akanta ne, kuɗi sun fita daga asusu ka ce ba ka san inda suka shiga ba? Je ka buɗe musu littafi."

Gyara: tambaya ɗaya, kuskure iri biyu

Kafin littafin, sai an yi gyara na gaskiya, kuma gyara yana cin lokaci kusan kamar gwajin kansa. Bari in kawo tambaya ɗaya da ta buɗe mini ido. Ko ba akanta kake karanta ba za ka bi ta, lissafin kasuwa ne.

Wani kamfani ya sayi janareta ranar 1 ga Afrilu 2019 a kan N800,000. Darajarsa tana raguwa da kashi 20 cikin ɗari a shekara, kuma kowace shekara daga abin da ya rage ake cirewa, ba daga kuɗin saye ba. Wannan raguwar darajar ita ce muke kira difirishiyeshin a aji. Shekarar kamfanin tana ƙarewa 31 ga Disamba, kuma a layin ƙarshe tambayar ta ce a lissafa gwargwadon watannin da aka yi da janaretan. An sayar da shi ranar 31 ga Disamba 2021 a kan N400,000. Riba aka ci ko asara aka yi, kuma nawa?

Amsa daidai ita ce: a 2019 wata tara kawai aka yi da shi, Afrilu zuwa Disamba. Kashi 20 na 800,000 shi ne 160,000 a cikakkiyar shekara, na wata tara kuma 120,000. Saura 680,000. A 2020 kashi 20 na 680,000 ya ba da 136,000, saura 544,000. A 2021 kashi 20 na 544,000 ya ba da 108,800, saura 435,200. Darajarsa a littafi 435,200, aka sayar 400,000, an yi asarar N35,200.

Ni kuwa a 2019 cikakkiyar shekara na cire, 160,000. Daga nan komai ya karkace: 640,000, sai 512,000, sai 409,600, na ƙare da asarar N9,600. Abokina da muka yi takardar tare shi ya ga maganar wata tara, ya cire 120,000 daidai. Amma a shekaru biyun da suka biyo baya 160,000 ya yi ta cirewa daga kuɗin saye. Darajar ta sauko masa 360,000, sai ya rubuta cewa an ci ribar N40,000.

Da a ce maki kawai muka duba, sai mu ce mu biyun mun faɗi tambayar raguwar daraja, mu koma mu karanta babin daga farko. Alhali ciwonmu ba ɗaya ba ne. Ni na san hanyar sarai, layin ƙarshe ne ban karanta ba. In na karanta babin sau goma ba zai warkar da ni ba. Shi kuma hanyoyin biyu ne suka cakuɗe masa a ka, shi ne mai buƙatar komawa littafi. Wannan bambancin maki ba ya nuna shi.

Don haka a wajen gyara, abin da nake nema shi ne layin farko da hanya ta karkace. Ina bin aikina da jan biro layi-layi har in kai inda adadina ya fara rabuwa da na daidai, in zagaye wurin. Abin da ya biyo baya galibi jela ce kawai. Daga nan sai in rufe amsar, in sake yin tambayar gaba ɗaya a sabuwar takarda. Kwafe amsar daidai da kyakkyawan rubutu ba gyara ba ne, aikin hannu ne.

Za ka ce, to ina amsoshin suke, tunda tsofaffin tambayoyinmu ba sa zuwa da su? Gaskiya ne, kuma nan ne wahalar. Ni hanya uku nake bi. Ina neman misali mai kama da tambayar a handawut ko a littafin Frank Wood da ke laburare, in gwada matakaina da nasa. Ina musayar takarda da abokina, kowa ya duba na ɗan'uwansa, don ido ba ya ganin kansa. Inda muka saɓa kuma muka kasa rabuwa, sai mu kai wa malamin darasin, da aikinmu a rubuce. Malami ya fi sauraren wanda ya ce "Malam, ga inda na tsaya" a kan wanda ya ce "ban gane komai ba". Amsoshin da ake sayarwa a shagunan fotokofi kuwa ka yi hattara da su, ɗalibai irinmu ne suka rubuta yawancinsu, na taɓa samun kuskure a ciki.

Littafin kurakurai

Littafin rubutu ne na talaka, irin na 'yan firamare. Ina buɗe shafi biyu masu kallon juna in ja layuka shida: takarda da lambar tambaya, abin da na yi, abin da ya kamata, irin kuskuren, makin da ya ci mini, da abin da zan yi gaba. Ga yadda na shigar da na janareta:

Tambaya: takarda ta uku, lamba 4.
Abin da na yi: na cire raguwar shekara guda cur a 2019.
Abin da ya kamata: wata tara, 120,000.
Iri: karatun tambaya.
Maki: 7.
Abin yi gaba: kafin in taɓa kalkuleta, in zagaye kowace kwanan wata a tambayar, in rubuta adadin watanni a gefe.

Layin ƙarshen nan shi ne ran littafin. Da farko abin da nake rubutawa a wurin shi ne "in riƙa lura". Yayan namu ya gani ya yi dariya, ya ce wannan ai addu'a ce. Dole ya zama aikin da hannu zai iya yi, wanda za ka iya cewa na yi ko ban yi ba.

Irin kurakuran huɗu na kasa su. Akwai rashin sani, wato ko an ba ni yini guda ba zan iya ba. Akwai karatun tambaya, na iya amma wata tambayar na amsa daban. Akwai zamewar hannu, kamar rubuta 45,300 a maimakon 43,500, ko sa adadi a ɓangaren da ba nasa ba. Sai lokaci, na iya amma agogo ya riga ni. Kada ka wuce huɗu ko biyar, in sun yi yawa za ka ɓata dare kana tunanin inda za ka jefa kowane kuskure.

Da na koma kan takardun nan uku, cikin maki 300 na rasa 138. Na kasa su: lokaci 46, karatun tambaya 41, rashin sani 33, zamewar hannu 18. Na daɗe ina kallon shafin. Abin da rashin sani ya ci bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma duk darena a kansa yake tafiya, ina ta maimaita handawut. Lokutan da na rubuta a gefe kuma suka tona mini asiri: tambayar farko tana cin minti 50, ta ƙarshe ba ta samun ko 15. Su kuwa maki 33 ɗin, kusan duka a babi biyu suka taru, asusun haɗin gwiwa da daidaita littafin kuɗi da takardar banki. Maimakon babi goma sha, sai aikina ya koma babi biyu da ɗabi'a biyu.

A nan sai an yi wa kai gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zuciya tana son ta kira kowane kuskure zamewar hannu, don ya fi daɗin ji. Ga yadda nake ganewa: in na rufe komai na sake tambayar washegari ta fito daidai, zamewa ce. In na sake maƙalewa a wuri guda, rashin sani ne, ko me zuciyata ta ce.

Kuskure ba ya fita daga littafin sai ya ci jarrabawa

Rubuta kuskure ba ya kashe shi. Kowane ɗaya ina sake gwada shi bayan kwana uku, sannan bayan mako guda, kuma ina canja adadi da kwanan wata don kada in amsa da hadda. Sai ya fito daidai sau biyu a jere nake soke shi.

Na janaretan nan ya koya mini amfanin haka. Da na zo sake shi, na mayar da ranar saye 1 ga Agusta. Na zagaye kwanan watan kamar yadda na yi wa kaina doka, na ce Agusta wata na takwas ne, sha biyu a cire takwas saura huɗu. Na sake faɗi. Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, biyar ne, don watan da aka saya a ranar farkonsa shi ma yana ciki. Ashe akwai wani kuskuren a ƙarƙashin na farko, wanda da ban canja watan ba sai a ɗakin jarrabawa zan haɗu da shi. Tun daga ranar, da yatsu nake ƙirga watanni, ko wa ke kallo.

Kafin in zauna sabuwar takarda, ina ɗaukar minti biyar in karanta layin "abin yi gaba" daga sama har ƙasa. Daren jarrabawa ma shi na karanta, shafi huɗu, na kwanta da wuri.

Inda tsofaffin tambayoyi ke yaudara

Manhajar da muke bi daga NBTE take, hukumar da ke kula da kwalejojin fasaha, kuma akan sabunta ta. Malamai ma suna canjawa, kowa da inda ya fi ba ƙarfi. Saboda haka ka ɗora tsohuwar takarda a kan jerin batutuwan da malamin bana ya bayar. Abin da ba ya cikin jerin ka tsallake shi. Abin da ke cikin jerin amma bai taɓa fitowa ba, kada ka ce ba zai fito ba, ka nemi tambayarsa a ƙarshen babin littafi ka yi ta da agogo.

Sannan takardun ba su da yawa, kuma wadda ka riga ka gani ba ta ƙara auna ka da gaskiya. Kada ka zauna ka karance su duka a dare ɗaya kana neman wadda ake maimaitawa. Fara da mafi tsufa, ka ɓoye biyu na baya-bayan nan ba tare da ka leƙa ba, sai saura mako biyu. Kuma ka bar aƙalla kwana huɗu ko biyar tsakanin takarda da takarda, don a tsakanin ne ake gyara. Wanda ya fara saura kwana uku ba zai samu wannan filin ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardu biyun da na ɓoye na ci 63 da 68. A jarrabawar zango na farko na ND II na samu 66, wato B, kuma a karon farko na amsa tambaya ta biyar har ƙarshe. Na buɗe wa sauran darussa nasu shafukan, CGPA ɗina ya hau 2.57. Tazarar da ke tsakanina da 2.50 ba ta da yawa, zangon nan zai iya mayar da ni ƙasa in na yi sake, shi ya sa littafin yana cikin jakata yanzu haka, da kurakurai tara da ban soke ba tukuna.

In kana da takardar da ka riga ka yi ka rubuta maki a samanta, ɗauko ta yau da daddare. Cire makin daga ɗari, abin da ya rage ka bi shi ɗaya bayan ɗaya ka rubuta inda kowane ya tafi. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya sa mu fita da sakamakon da iyayenmu za su yi farin ciki da shi.